Takarda Ɗaya, Maki Ɗaya

 

Mas'alar da za mu tattauna yau ta shafi hukuncin da malami yake yankewa da jan alƙalami, sa'ad da ya zauna da tarin takardun jarrabawa a gabansa, yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, yana karantawa, yana rubuta adadi a gefe, adadin da watakila shi ne zai buɗe wa yaro ƙofar makaranta ta gaba, ko kuwa ya rufe masa ita har shekara ta kewayo. Tambayarmu ita ce: in aka ɗauki takarda guda, aka miƙa ta ga malamai biyu, ko kuwa aka miƙa ta ga malami ɗaya yau, sa'an nan aka sake miƙa masa ita bayan wata shida, shin makin zai fito daidai? Ya kamata ya fito daidai. Takarda ɗaya, maki ɗaya. Za mu fara da dalilin da ya sa hakan ya zama wajibi, kana mu ji abin da masu bincike suka tarar da suka gwada, sa'an nan mu daɗe a kan magani, domin a can ne amfanin yake.

To, ga kashi na farko, watau dalili.

Kowa ya san abin da ake nufi da mudu a kasuwar hatsi. In mai awo yana da mudu wanda yakan ƙaru da safe, ya ragu da yamma, ya faɗaɗa ga wanda fuskarsa ta yi masa daɗi, ya tsuke ga baƙo, babu mai kiran wannan abu mudu, ko da kuwa shi mai awon bai yi niyyar cutar kowa ba, kuma ko da ya rantse cewa abin da ya ƙara wa wasu ya yi daidai da abin da ya tauye wa wasu. Wannan rantsuwa ta ƙarshe ita nake so ku riƙe, domin ita ce uzurin da aka fi kawowa a makarantu. Sai ka ji an ce, ai wani malami yana da tsanani, wani yana da sauƙi, in an haɗa sai abin ya daidaita. Bai daidaita ba. Yaron da aka tauye wa maki biyar an zalunce shi, yaron da aka ƙara wa maki biyar an ba shi abin da ba haƙƙinsa ba, har watakila ya zauna a gurbin wani. Kuskure biyu ke nan, kowanne a kan mutum dabam, kuma ɗayan ba ya kankare ɗayan.

Akwai dalili na biyu, wanda ya shafi iyaye kai tsaye. Maki labari ne da makaranta take aiko muku game da ɗanku. In ya sami 45 a zangon farko, ya sami 55 a zango na biyu, kuna murna, kuna cewa yaro ya ƙara himma. Amma in har hannun mai dubawa yakan yi sama ko ƙasa da maki goma a kan takarda guda, to, ba ku da hanyar sanin ko yaron ne ya canja ko mai dubawar. Labarin ya tashi daga labarin ɗanku, ya koma labarin halin da malami yake ciki ranar da ya riƙe alƙalami.

Dalili na uku kuwa na hankali ne tsantsa. In malamai biyu suka dubi takarda ɗaya, wannan ya ce ta ci, wancan ya ce ta faɗi, ba sai mun san ko wane ne yake da gaskiya ba kafin mu tabbata cewa aƙalla ɗayansu ya yi kuskure. Saɓani a kan abu guda shi kansa hujja ce a kan samuwar kuskure.

Yanzu sai kashi na biyu: me aka gani da aka gwada?

A shekarar 1912 wasu malamai biyu na Jami'ar Wisconsin a ƙasar Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, suka ɗauki takardun jarrabawar Turanci na ɗaliban sakandare biyu, suka buga su da yawa ba tare da canja ko harafi ba, suka aika wa makarantu, suka roƙi malamin Turanci na kowace makaranta ya duba bisa yadda ya saba. Malamai 142 suka mayar da amsa. Ɗaya daga cikin takardun nan, wani ya ba ta 50 bisa 100, wani ya ba ta 97. Ku sake ji: takarda guda, daga 50 har 97. Da labari ya bazu sai aka ce, ai wannan insha'i ne, kowa da irin abin da yake yi masa daɗi a magana, amma lissafi ba ya karɓar ra'ayi. Sai mutanen nan biyu suka sake gwajin a 1913 da takardar jometiri, watau lissafin siffofi da kusurwoyi, suka ba malaman lissafi fiye da ɗari. Saɓanin ya fi na Turanci muni, domin an sami wanda ya ba takardar ƙasa da 30, an sami wanda ya ba ta sama da 90. Da aka bi diddigi sai aka ga cewa wasu suna cire maki saboda ƙazantar rubutu da rashin tsari, wasu ba ruwansu da wannan, wasu suna ba da wani abu in hanya ta yi daidai ko da amsar ƙarshe ta kauce, wasu kuwa in amsa ta kauce sai su soke aikin baki ɗaya.

Wannan saɓani ne tsakanin mutum da mutum. Wanda ya fi shi tayar da hankali shi ne saɓanin mutum da kansa. A Ingila, a shekarar 1935, Philip Hartog da E. C. Rhodes suka fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a kan jarrabawa. A ciki an ba gogaggun masu dubawa takardun tarihi guda 15, suka ba da maki, kowa ya kuma faɗi hukuncinsa, ko ta faɗi, ko ta ci, ko ta kai kiredit. Bayan shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi aka sake kawo wa mutum 14 daga cikinsu takardun nan dai, an goge duk wata alamar dubawar farko. Mutum 14, takarda 15, hukunci 210 ke nan. A cikin 92 daga 210 ɗin nan, mai dubawa ya yanke hukuncin da ya saɓa wa wanda shi da kansa ya yanke a baya. Waɗannan mutane ba jahilai ba ne, ba kuma maha'inta ba ne, ƙwararru ne da aka amince da su, kuma wannan shi ne abin lura, domin yana nuna mana cewa illar tana cikin ɗabi'ar hukuncin ɗan Adam, ba ta tsaya ga malalaci ko mai son zuciya ba.

Masu sauraro, daga nan za mu iya rarrabe saɓani iri uku, kuma rarrabewar tana da amfani, domin kowanne da maganinsa.

Na farko shi ne bambancin tsanani, watau wani hannunsa a matse yake ga kowa, wani a sake yake ga kowa. Wannan shi ne mafi sauƙin ganewa, domin da an kwatanta matsakaicin makin da kowannensu ya bayar sai ya bayyana. Na biyu shi ne bambancin abin da kowa yake girmamawa: wannan malami nahawu ne a gabansa, wancan ma'ana ce, wani kuma kyan rubutu yana sace masa zuciya. Wannan iri yana ɓuya, kuma ga yadda yake ɓuya. Mu ƙaddara takardu uku ne, maki bisa 20. Malami na farko ya ba su 14, da 10, da 6. Na biyu ya ba su 6, da 10, da 14. Matsakaicin kowannensu 10 ne cif, shugaban makaranta in ya dubi matsakaici kaɗai sai ya ce malamansa sun yi ittifaƙi, alhali kuwa wanda ya zo na ɗaya a wurin wannan shi ne na ƙarshe a wurin wancan. Na uku shi ne na yanayi, watau saɓanin mutum da kansa: gajiya, da yunwa, da zafin rana, da fushin da ya taso da shi daga gida, da kuma takardar da ta gabata, domin matsakaiciyar amsa in ta biyo bayan amsa mai kyau ƙwarai sai ta zama kamar ba kome, in kuwa ta biyo bayan shirme guda biyar a jere sai ta yi haske fiye da ƙimarta.

To, mun iso kashi na uku, watau magani, kuma a nan ina roƙon malamai da ke saurare su jawo takarda da alƙalami, domin za mu yi aiki tare.

Magani na farko, kuma uban sauran, shi ne a rubuta tsarin ba da maki kafin a buɗe takardar kowa. Shi ne abin da malamai suke kira makin sikim: takarda ce da take bayyana, mataki bayan mataki, abin da za a ba maki da abin da ba za a ba ba. Bari mu gwada da tambaya guda.

Wani ɗan kasuwa ya sayi buhun gero 10, kowane buhu naira 20,000. Ya biya kuɗin mota da dako naira 40,000. Ya sayar da duka a kan naira 300,000. Ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Maki shida.

Ga amsa. Kuɗin gero 200,000, a haɗa da 40,000, uwar kuɗi ta zama 240,000. A cire ta daga 300,000, riba ta zama 60,000. A raba 60,000 da 240,000, a ninka da ɗari, ya ba da kashi 25.

Yanzu ga takardar wani yaro. Ya san a haɗa kuɗin mota da kuɗin gero, amma da ya zo tarawa hannunsa ya zame, ya rubuta 250,000. Daga nan ya ci gaba daidai: ya cire, ya sami riba 50,000, ya raba da 250,000, ya sami kashi 20. In babu tsari a rubuce, malami mai kallon amsar ƙarshe zai ba shi sifiri, domin 20 ba 25 ba ce. Malami mai tausayi zai ba shi biyar, ya ce kuskure ɗaya kawai ya yi. Wani zai raba tsakiya ya ba shi uku. Kowannensu yana da hujja, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya faru da takardar jometiri ta 1913.

Masu shirya manyan jarrabawa, irin su hukumar WAEC wadda aka kafa a 1952, take kuma hidima ga Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, suna warware wannan a lissafi ta hanyar raba maki iri-iri. Akwai makin hanya, wanda ake yi wa alama da harafin M, ana ba da shi in yaro ya bi hanyar da ta dace ko da adadinsa ya kauce. Akwai makin daidaito, mai harafin A, ana ba da shi in adadin ya fito daidai, bisa sharaɗin an sami makin hanyar da ya rataya a kai. Makin hanya, makin daidaito. Mu raba shidanmu haka. Haɗa kuɗin mota da na gero, makin hanya ɗaya. Samun 240,000, makin daidaito ɗaya. Cire uwar kuɗi daga kuɗin sayarwa, makin hanya ɗaya. Samun 60,000, makin daidaito ɗaya. Raba riba da uwar kuɗi a ninka da ɗari, makin hanya ɗaya. Samun 25, makin daidaito ɗaya.

Bisa wannan tsari yaronmu ya sami makin hanya uku, ya rasa na daidaito uku. Uku bisa shida, ko wa ya duba, ko da safe ko da dare.

Amma ku lura, akwai abin da tilas masu tsarin su yanke tun farko. Shin in yaro ya yi kuskure a matakin farko, sa'an nan ya ɗauki adadinsa na kuskure ya yi aiki da shi daidai, za a ci gaba da hana shi makin daidaito a kowane mataki, ko kuwa za a hukunta shi sau ɗaya a bi shi da sauran? In aka zaɓi a bi shi, makinsa biyar ne. In aka zaɓi kada a bi shi, uku ne. Malamai na iya yin muhawara a kan wanda ya fi adalci, ni kaina na fi karkata ga kada a hukunta kuskure ɗaya sau uku, amma abin da ba shi da muhawara shi ne a yanke shawarar sau ɗaya, a rubuta ta, ta hau kan kowane yaro. Bala'in yana zuwa ne in aka bar kowane mai dubawa ya yi nasa ijtihadin a kan kowace takarda.

Ga wata yarinya kuma. Ta sami 240,000 daidai, ta sami riba 60,000 daidai, amma da ta zo matakin ƙarshe sai ta raba ribar da kuɗin sayarwa, watau 300,000, maimakon uwar kuɗi. Amsarta ta fito kashi 20, daidai da amsar yaron farko. Makinta huɗu: ta ci matakai biyu cikakku, ta rasa hanya da daidaito a na uku. Amsar ƙarshe iri ɗaya ce, makin ya bambanta, kuma babu zalunci a ciki, domin abin da muke kira takarda ɗaya shi ne aikin gaba ɗaya daga farkonsa har ƙarshensa, su kuwa waɗannan biyu aikinsu ya bambanta. Shi ya san mas'alar, hannunsa ya zame. Ita lissafinta tsaf yake, amma ba ta fahimci cewa riba a kan uwar kuɗi ake auna ta ba, kuma malamin da ya duba ta wannan hanya ya san abin da zai koya wa kowannensu gobe.

Saura wanda ya rubuta 25 kawai, babu aiki ko layi ɗaya. Shi ma tsarin ne zai faɗi hukuncinsa tun kafin a gamu da shi.

Magani na biyu shi ne zaman daidaita hannu, wanda masu duba takardun WAEC suke kira kodineshan. Tsari a rubuce bai isa ba, domin mutum biyu suna iya karanta jimla guda su fahimce ta dabam. Saboda haka kafin a raba wa kowa ƙunshinsa, sai a tara masu dubawa a ƙarƙashin shugabanninsu, a bi tsarin tare, a kwafi wasu takardu na gaske a ba kowa irin na ɗan'uwansa, kowa ya duba shi kaɗai, sa'an nan a kwatanta. Inda aka saɓa sai a tsaya a tambayi kowa dalilinsa, har a gano kalmar da ke cikin tsarin wadda ta karɓi fassara biyu, a gyara ta. Bayan an fara aikin kuma shugaban rukuni yakan ɗebi wasu takardu daga ƙunshin kowane mai dubawa ya sake bi, domin hannun da aka daidaita ranar farko yakan zame a hankali.

Makarantar da take da aji uku na shekara ɗaya da malamai uku tana iya yin wannan da yamma guda. A zaɓi takardu goma, da masu kyau da matsakaita da raunana, a rufe sunaye, a kwafa. Kowa ya rubuta makinsa a takarda dabam, kada ya yi alama a jikin ta yaron, kada kuma a yi shawara sai an gama. Daga nan a duba abu biyu. A duba matsakaicin kowane malami, wannan zai nuna mai tsanani da mai sauƙi. Sa'an nan a bi takardun ɗaya ɗaya, a ga tazarar da ke tsakanin maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta a kan kowace, wannan zai tono saɓanin da yake ɓuya. Ku tuna da malaman nan biyu masu 14 da 6.

Wanda yake shi kaɗai ne a darasinsa, shi ma yana da gwajin da zai yi wa kansa. Ya kwafi takardu biyar kafin ya taɓa su, ya duba na asali, ya ajiye kwafin mako biyu ko uku har makin ya fita daga ransa, sa'an nan ya duba kwafin, ya kwatanta. Abin da ya gani tsakaninsa da Allah ne, amma zai san girman zamewar hannunsa.

Magani na uku 'yan ladubba ne na zaman dubawa, zan ambace su a taƙaice. A rufe sunan yaro, a bar lamba, domin sanin cewa wannan ɗan wane ne, ko shi ne mai surutu a aji, ko ita ce mai zuwa ta ɗaya kullum, yana shiga alƙalami ba tare da izinin mai shi ba. A duba tambaya ta ɗaya a takardun duka kafin a koma ta biyu, domin mizanin ya zauna a kai, kuma kyan amsar farko kada ya lulluɓe raunin ta biyu. In za a koma tambaya ta gaba a cuɗe takardun, domin kada yaro guda ya riƙa faɗowa kullum a ƙarshen gajiya. In ido ya fara bin layi ba tare da zuciya ta bi shi ba, a tashi a huta.

Insha'i kuwa ya fi lissafi wuyar kamawa, kuma dabarar da ake yi masa ita ce a rarraba hukuncin. A insha'in Turanci na WAEC maki 50 ne, an kasa su huɗu: 10 ga abin da aka faɗa, 10 ga tsarin zance, 20 ga iya sarrafa harshe, 10 ga tsabtar nahawu da ƙa'idar rubutu, inda ake cire rabin maki a kan kowane kuskure. Wannan kaso na ƙarshe ƙidaya ne, saɓani a cikinsa kaɗan ne. Sauran ukun har yanzu hukunci ne na zuciya, kuma abin da yake taimako a nan shi ne a ajiye takardun misali a gefe, waɗanda aka riga aka yi ittifaƙi a kan makinsu, ɗaya ta sama, ɗaya ta tsakiya, ɗaya ta ƙasa. Mai dubawa sai ya riƙa tambayar kansa, wannan da ke hannuna ta fi ta tsakiyar nan ko ba ta kai ta ba? Ɗan Adam ya fi ƙwarewa wajen cewa wannan ya fi wancan a kan ya ciro adadi daga kansa.

Inda hukuncin yake da nauyi ƙwarai, sai a sa mutum biyu ko fiye su duba, a ɗauki matsakaici. Hikimar ita ce zamewar wannan zuwa sama takan haɗu da zamewar wancan zuwa ƙasa a kan takarda guda, su rage juna. Masana ƙididdiga sun nuna cewa matsakaicin mutum huɗu yana rage yawan zamewar zuwa rabi, kuma in ana so a sake rage ta zuwa rabin wannan sai an kai mutum 16, abin da yake nuna cewa ribar tana raguwa yayin da wahalar take ƙaruwa. Amma akwai sharaɗi, kuma in ya faɗi dabarar ta faɗi: kada na biyu ya ga makin na farko. In ya gani, musamman in na farkon babba ne a gare shi, kunya da girmamawa za su ja hannunsa zuwa wannan adadin, a tashi da sa hannu biyu alhali hukunci ɗaya ne. Kowa ya rubuta nasa a ɓoye, sa'an nan a haɗa.

Masu sauraro, ga kashi na ƙarshe, watau iyakar wannan magani, domin wanda bai san iyakarsa ba zai cutar da shi.

Ittifaƙin masu dubawa ba shi ne dacewa da gaskiya ba. In wanda ya rubuta tsarin ya yi kuskure, ya sa amsar tambayarmu kashi 20, malamai ɗari za su yi ittifaƙi a kan kayar da duk yaron da ya rubuta 25, kuma ɗaukar matsakaici ba zai gyara kome ba, domin kuskuren na tarayya ne. Saboda haka wajibi ne wani malami dabam ya warware tambayoyin da kansa, ba tare da ya ga tsarin ba, kafin a fara aiki da shi.

Haka nan tambayoyin zaɓi, waɗanda yaro yake cike gurbi na'ura ta duba, ba su da saɓanin mai dubawa ko kaɗan, kuma wannan ne ya sa suka yaɗu. Sai dai ba za su gaya maka ko yaro ya iya rubuta wasiƙa ko ya iya jera hujja ba, kuma makarantar da ta guje wa insha'i domin tsoron saɓani ta sayi daidaito da tsada mai yawa.

Sai kuma yaron da ya zo da hanyar da tsarin bai hango ba. A tambayarmu, wani zai iya raba 300,000 da 240,000 kai tsaye, ya sami ɗaya da rubu'i, ya ce ribar rubu'i ce, watau kashi 25. Bai rubuta 60,000 a ko'ina ba, amma hanyarsa ingantacciya ce, har ta fi gajarta. Mai dubawa da ya bi harafin tsarin zai hana shi maki biyu, wannan zalunci ne. Wanda kuma ya ba shi a ɓoye bisa ra'ayin kansa ya dawo da cutar da muke magani, domin wani yaro mai irin wannan hanya yana hannun wani malami wanda ba zai ba shi ba. Abin da ya kamata shi ne a kai takardar ga shugaban masu dubawa, a yanke hukunci, a ƙara shi cikin tsarin, a sanar da kowa, sa'an nan a koma kan takardun da aka riga aka gama a nemo masu irin wannan hanya a gyara musu. Komawa bayan nan ita ce mai nauyi, ita ce kuma aka fi tsallakewa.

Daga ƙarshe, kome aka yi, 'yar zamewa za ta rage, kuma inda take cizo shi ne bakin iyaka. In 50 ne makin ci, zamewar maki biyu ba ta canja kome ga mai 80 ko mai 20, amma ga mai 49 da mai 51 ita ce ci da faɗuwa. Saboda haka in lokaci ya yi ƙaranci, ba a iya sake duba takardu duka, to, a ware waɗanda suka faɗo tsakanin 47 da 53, na ƙasa da layin da na samansa baki ɗaya, a ba wani malami ya sake duba su ba tare da ya ga makin farko ba. In aka sake duba na ƙasa kaɗai domin a ɗaga su, an saukar da iyakar ne a ɓoye, an kuma ƙirƙiri sabuwar iyaka a 47 wadda babu mai tsaronta.